Lamba Shida ta Kawu

Ni bahago ne, kuma Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗora wa kansa aikin raba ni da hannun hagu tun ina ɗan shekara biyar. Bai ci nasara duka ba. Har yau da hagu nake riƙe alli, da hagu nake jifa. Amma cin abinci, da karɓar abu daga hannun babba, da sa takalmi, duk da dama nake yi, kuma aikinsa ne. Bai taɓa dukana a kan haka ba. Baƙin zare ya tsinko daga kwandon ɗinkin Inna ya ɗaura mini a wuyan hannun dama, ya ce duk lokacin da aka ajiye kwano in dubi hannun da ke da zare, shi ne mai izinin shiga. Na yi kusan shekara da zaren nan. In ya tsinke ya sake wani.

Kawu malamin Larabci ne a wata firamare a Bakura. Ya fi shekara ashirin a aji ɗaya, ƙarƙashin kwano ɗaya mai yoyo, har yaran da ya koya wa alif sun kawo masa nasu yaran. Ni kuwa na girma na zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Maradun. Gidanmu yana Talata Mafara, tsakanin mu biyu. Ni ina zuwa ranar Asabar, shi yana zuwa ranar Talata don kasuwa, saboda haka sai mu yi wata biyu ba mu ga juna ba, sai dai Inna ta isar da gaisuwa.

Wata Asabar na iso gida na tarar da shi a zaure, abin da ba ya yi. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan Maradun da geron Maradun, har da lafiyar babur ɗina. Sai da shayi ya huce sannan ya fito da maganar, yana kallon tabarma. An ce duk malamin da ba shi da takardar koyarwa a ba shi wa'adi, ko ya shiga karatun samun ta ko ya bar aji. Shiga karatun kuma sai da kiredit biyar na jarrabawar gama sakandare. Ya je a ɓoye bara ya zauna jarrabawar 'yan waje, ya samu huɗu. Saura ɗaya, kuma zaman bana ne na ƙarshe kafin wa'adin ya cika.

"Na ce tunda ɗana na koyar da labarin ƙasa," in ji shi, "mi za ya kai ni neman wani darasi?"

Dariya ta taso mini, na danne ta da kyar. Mutumin da ya haura hamsin, mai furfura a gemu, wanda ake tashi tsaye in ya shigo taron suna, zai zauna a benci da sa'o'in 'ya'yansa. Na ji tausayinsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji wani daɗi a ƙasan zuciya, cewa yau ga Kawu a hannuna.

Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada kowa ya sani ban da Inna. Ba zai zauna gabana ina koya masa kamar yaro ba, kuma ni ma ba zan iya tsayawa a kansa ina kallon rubutunsa ba, da kunya. Sai muka shirya haka: ranar Asabar in bar masa darasi da tambayoyi a rubuce wurin Inna, ranar Talata ya karɓa ya ajiye amsar na makon jiya. Inna ba ta karatun boko, amma ta riƙe amanar nan kamar kayan gado. A cikin wata tsohuwar samira take sa takardun, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado. Kowa ya tambaya sai ta ce daddawa ce.

Tun makon farko na gane inda za mu ci da inda za mu sha wuya. Turancin Kawu na karatu ne, ba na dogon rubutu ba. Tambayar da ke son shafi biyu a kan iska da damina, layi shida yake ba ta ya ce ya gama. Saboda haka na sa ranmu a kan tambayar taswira, wadda dole ce ga kowa, kuma lissafi da ido take so fiye da surutu. In ya kwashe makinta, ya lallaɓa sauran, kiredit zai fito. In ya zubar da ita, to ba inda za mu tsinto abin da zai cike gurbin.

Ina da wata tsohuwar taswira ta wani yanki na ƙasarmu, gefen Ruwan Gizo, wadda na gada a durowar malamin da na canja. Ma'auninta ɗaya bisa dubu hamsin. Na zauna da rula na ja mata layuka tsaye da kwance, santimita biyu-biyu tsakani, na ba kowane layi lamba biyu kamar yadda taswirar jarrabawa take zuwa, ta zama gida-gida kamar ramukan dara. Na kai aka yi mini hotonta, na tsaya a kan mai injin na hana shi rage girmanta ko da ƙwayar gero, don in aka rage takarda ma'aunin da ke rubuce a ƙasa ya zama ƙarya. Ɗaya ta shiga samira, ɗaya ta zauna a jakata.

Ma'auni bai ba Kawu wahala ba ko kaɗan. Na cika shafi guda ina bayanin cewa santimita ɗaya a takarda santimita dubu hamsin ce a ƙasa, wato mita ɗari biyar, don haka santimita biyu kilomita ɗaya ke nan, kuma kowane gida a taswirarmu kilomita ɗaya ne tsawo da faɗi. Ya maido mini da shafin, ya rubuta a ƙasa cewa wanda ya shekara talatin yana raba gado tsakanin mata huɗu da 'ya'ya goma sha tara ba za a tsorata shi da dubu hamsin ba. Gaskiyarsa. Ko da aka zo hanya mai lanƙwasa, wadda rula ba ta bi, na ce ya kwantar da zare a kanta ya bi kowace kwana, ya yi alama, sannan ya miƙe zaren a kan rula. Makon farko ya yi da ulun saƙar matarsa, ulu kuwa miƙewa yake in an ja, hanyar kilomita biyar ta zama shida da wani abu. Shi da kansa ya gano, ya aiko wa Inna ta ba shi zaren ɗinki. Daga kwandon nan dai ta tsinko masa, baƙi.

Lamba huɗu ma ta shige lafiya. Na rubuta masa dokar da manyan baƙaƙe: layin tsaye kafin na kwance, kuma kowane gida sunansa yana kusurwarsa ta ƙasa ta hagu. Gidan da layin tsaye na 34 da layin kwance na 61 suka haɗu a wannan kusurwa tasa, shi ne 3461. Ya haddace kamar karatu, bai taɓa kuskure ba. Na fara yi wa abokan aikina alfahari a zuci, tunda ba ni da izinin yi a baki.

Sai muka zo lamba shida. Ita ce ke nuna ainihin wuri a cikin gida, rijiya ko masallaci ko gada. Na rubuta masa cewa ya raba gidan kashi goma a kwance ya ƙirga inda wurin ya faɗa, ya ƙara wannan lamba a bayan ta layin tsaye. Sannan ya raba shi goma a tsaye ya ƙirga, ya ƙara a bayan ta layin kwance. A nan na biyun na ja layi biyu da jan biro, na ce daga ƙasa zuwa sama, Kawu, daga ƙasa zuwa sama, don nan ne ɗalibaina suke faɗuwa kowace shekara.

Amsa ta dawo, cikin goma ya ci biyu. Na ce sabon abu ne. Mako na biyu ya ci ɗaya. Na uku ya ci uku. Abin da ya fi ci mini rai, ɓarnar ba ta tsaya nan ba, ta bi ta shiga lissafin nisa da ya riga ya iya. Na tambaye shi nisan da ke tsakanin 342617 da 378617. Wuraren biyu a kan layi ɗaya suke, santimita bakwai da ɗigo biyu a rula, a ninka da dubu hamsin, santimita dubu ɗari uku da sittin, wato kilomita uku da mita ɗari shida. Kawu ya kawo mini santimita huɗu da ɗigo takwas, ya yi lissafinsa tsaf, ba kuskure ko ɗaya a ninkawa da rabawa, ya fito da kilomita biyu da mita ɗari huɗu. A jarrabawa haka ake yi, a ba ka lamba a ce me ke wurin, nawa ne nisansa da wancan, ta wane gefe yake. Ka ɓata wurin, duk abin da ka gina a kai ya rushe.

Ina da saurin fushi, kowa a Maradun ya sani. Kuma ina da wani mugun hali na malamai, in na ga amsa ba daidai ba sai in zabga mata jan kuros in wuce, ba na tsayawa in tambayi ta ina ta zo. Na ce ko ido ne, na sa aka kai shi aka canja masa tabarau. Ba ta canja zane ba. Na ce ko rula ce, na sayo sabuwa. A mako na biyar, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki jarrabawa, na rubuta a ƙasan takardarsa cewa ko ɗan aji ɗaya ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma. Na kuma ce wa Inna, ina cin tuwonta, kan Kawu ya tsufa, gara ya fara tunanin abin da zai yi in ya bar aji.

Inna ta ɗauke kwanon miya daga gabana, ba ta ce na ƙoshi ko ban ƙoshi ba. Ta ce, "Shekara guda yay yi yana ɗaura maka zare, ban taɓa jin ya ce kanka ya tsufa ko bai nuna ba." Ta sa takardar a samira duk da haka, don ba ta san abin da na rubuta ba. Na koma Maradun ina jin kunyar kaina, amma girman kai bai bar ni na juyo na ciro ta ba.

Asabar ta gaba na buɗe samira, babu amsar darasi. Wata 'yar takarda ce kawai, an ninke ta huɗu. Ya rubuta cewa yana cirar gyaɗa a gonar da matarsa ta gada a gefen Ruwan Gizo, gonar da ban taɓa zuwa ba, kuma tana cikin taswirarmu. Ranar Asabar zai kasance ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin tsohuwar rijiya tun hantsi. In ni malami ne in same shi a 348617. Bai ce komai ba a kan abin da na rubuta masa, kuma wannan shirun ya fi mini zafi.

Lokacin ana shiga ƙauyukan nan ba fargaba. Na hau babur da taswira a cikin riga. Na bar babbar hanya inda taswira ta nuna, na bi turbar da ke ratsa gidan 3461 daga gabas zuwa yamma. Wurin da lambarsa ta nuna bai da wuyar ganewa, don nan ne turbar take tsallaka wani ƙaramin rafi. Na tsaya. Ga rafi ya fara ƙafewa, ga kuka guda, ga dawa ta sunkuya. Babu tsamiya, babu rijiya, babu Kawu. Na zauna a kan babur rana tana dukana, na kira wayarsa ba sabis. Na yi kusan awa ina zagaye kukar nan ina shirya maganganun da zan gaya masa. Can wani dattijo ya zo da jakuna biyu, muka gaisa har jakunan suka gaji da tsayuwa, sannan na tambaye shi gonar matar malamin Bakura. Ya nuna mini yamma da sandarsa, ya ce in bi turbar nan kada in kauce, zan ga tsamiya.

Ban san abin da ya sa ba, kafin in tayar da babur na dubi agogon nisa. Turbar miƙaƙƙiya ce. Da na iso tsamiya na sake dubawa, mita ɗari shida ko kusa da haka. Kawu yana zaune a kan buhu, ya tara gyaɗa ɗanya a gabansa, ya dafa wata a tukunya. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malamin taswira ya ɓace," in ji shi. "Tun hantsi nike nan."

Na ce ban ɓace ba, inda ya aike ni can na je, lambarsa ce ta kai ni gindin kuka. Ya ce lambarsa ta tsamiya ce, sau uku ya ƙirga. Muryata ta fara hawa, sai na tuna a gaban wa nake, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na shimfiɗa taswirar a kan wani buhu, muka danne kusurwoyinta da duwatsu. Ga alamar rijiya nan a gidan 3461, kusa da layin 34, milimita huɗu kacal daga gare shi. Kowane kashi ɗaya cikin goma milimita biyu ne, don haka biyu ke nan, 342617. Rafin da na tsaya yana can ɗaya gefen, a takwas. Tsakaninsu kashi shida, kowane kashi mita ɗari, daidai abin da babur ya nuna.

Na miƙa masa biro. Karon farko ke nan a wata biyu da na ga hannunsa yana aikin. Na ce ya ƙirga mini yadda yake yi, ni zan kau da kai in yana jin nauyi. Ya ce ba sai na kau ba. Ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya ɗora bakin biro a kan layin 35, bangon dama na gidan, ya fara tahowa hagu a hankali.

"Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyat, shidda, bakwai, takwas. Ga rijiya. Takwas."

Na bi biron da ido. Ya ƙirga daidai, babu kashi ɗaya da ya tsallake. Daga dama ya fara, kamar yadda yake fara kowane layi da ya taɓa karantawa ko rubutawa tun yana yaro, kamar yadda yake fara rabon goro a zaure da gaisuwa a taro. Ni kuwa na rubuta masa ya raba goma ya ƙirga, ban ce daga ina ba. Na ja layi biyu a kan daga ƙasa zuwa sama, amma daga hagu zuwa dama ban ga ma abin faɗa ba ne, don a shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun ɗalibin da ya fara ta can ba. Duk takardunsa suka dawo mini a kai. Inda amsa take uku ya sa bakwai, inda take ɗaya ya sa tara. 'Yan waɗanda yake ci kuwa su ne masu biyar, waɗanda suka faɗa tsakiya, ko ta ina ka taho. Da na tsaya sau ɗaya na jera amsoshinsa kusa da nawa, da tun makon farko na gani.

Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ke zuwa da ƙwalla. Na ce, "Kawu, laifina ne. Daga hagu ake farawa."

Ya ajiye biron. "Daga hagu?"

Na nuna masa lambobin da ke ƙasan taswira, 33, 34, 35, yadda suke ƙaruwa zuwa gabas, wato zuwa dama. Na ce kashi goman nan ci gaban 34 ne a kan hanyarta ta zama 35, don haka daga 34 za a taso. Mai rabon gado bai buƙaci a faɗa sau biyu ba. Ya daɗe yana kallon gidan, ya ƙirga daga hagu, biyu. Ya ciro tambayar nisan nan daga aljihu, ashe yana yawo da ita, da jan rubutuna a ƙasa. Ya sake sa wuraren biyu, ya aza rula, bakwai da ɗigo biyu. Ya girgiza kai.

"Wanga ilimi naku," in ji shi, "ashe bahago ne kamar mai koyar da shi."

Na ba shi haƙuri a kan abin da na rubuta. Ya ce wane abu, ya yage ƙasan takardar ya sa a wuta ƙarƙashin tukunya, ya turo mini gyaɗa. Muka ci har la'asar, yana ba ni lamba ina nemowa, ina ba shi yana nemowa.

Sanin kuskure daban, barinsa daban. Hannun da ya shekara hamsin yana tafiya dama ba ya juyawa a wata ɗaya. In ya natsu sai ya ci goma cikin goma. In na sa masa agogo, na ce saura minti biyar, sai biron ya koma bangon dama da kansa, shi bai ma sani ba. Yanzu mun daina ɓuya a samira, ranar Asabar yana zuwa Mafara mu zauna a ɗakin Inna, ita tana bakin ƙofa tana korar masu leƙe. Sau biyu na ga ya kama kansa a tsakiyar ƙirga ya yi tsaki. Sau ɗaya ya ture taswirar ya ce shi kam ko noma ya ishe shi. Amma da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce mini akwai wata yarinya a ajinsa mai in'ina, wata uku yana fama da ita, yanzu ta fara haɗa baƙi. In ya tafi bai san wanda zai yi haƙuri da ita ba. Ranar na tabbatar ba albashin ne kaɗai yake tsoron rasawa ba.

A Mafara aka sa masa cibiyar jarrabawa. Ranar takardar taswira na nemi izini a makaranta na zo. Ya fito da farar riga, ba babbar riga ba, ya ce kada ya tsorata yara. Na duba masa kaya ɗaya bayan ɗaya, fensir biyu, rula, abin auna kusurwa, magogi, da zaren awo naɗe a guntun kwali. Ya tsaya a tsakar gida yana ta maimaita daga hagu, daga hagu, kamar mai tsoron mantuwar saƙo. Inna tana kallonmu daga bakin murhu. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwandon ɗinki, ta ajiye a gabana.

Na tsinko baƙin zare. Na ce, "Kawu, kawo hannu."

Ya miƙo dama. Na ce ɗayan. Ya dube ni, ya dubi yayarsa, sannan ya miƙo hagun, ya kau da kai. Na ɗaura masa a wuyan hannu, ƙulli biyu, yadda yake yi mini. Na ce in ya dafa taswira da hannun nan, inda zare yake daga nan ake tasowa. Ya ja hannun riga ya rufe shi, ya ce Allah ya sa mai gadin jarrabawa kada ya ɗauka laya ce. Na kai shi a babur har kusa da ƙofa, ya ce in sauke shi nesa kaɗan. Na tsaya ina kallonsa ya shiga layi a bayan wasu 'yan mata, suna ta matsa masa suna cewa Baba wuce gaba, a zatonsu ɗiyarsa ya rako.

Da ya fito bai ce ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Ya ce taswirar wata ƙasa ce mai duwatsu da bai taɓa jin sunanta ba, kuma mutanen wurin suna da gada da yawa. Na tambaye shi lamba shida, ya ce an yi. Na tambaye shi ta ina ya fara, ya ce in bar shi ya yi salla.

Watanni suka shige. Wa'adinsa yana matsowa, ni kuma kowace Asabar ina shiga gida ina jiran labari. Na ji an ce sakamako ya fito, na kira shi bai ɗauka ba, na kira washegari bai ɗauka ba. Na ce shi ke nan, ya faɗi, kunya ta hana shi magana. Na fara shirya yadda zan ba shi baki, da yadda zan kalli Inna. Asabar na iso, ta amsa gaisuwata a gajarce, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo samirar da muka daɗe da mantawa, ta ɗaga faifai. 'Yar takarda ce ninke huɗu. Babu gaisuwa, babu bayani, lamba shida kawai, 342617.

Ban ko ciro taswira ba. Na bi turbar nan, gonaki duk an share ana jiran ruwa. Na wuce rafi da kukarsa ban rage gudu ba. Tun daga nesa na hango farar riga a gindin tsamiya. Yana zaune a bakin rijiyar, da wata takarda a kan gwiwa ya danne ta da tafin hannu don iska. Na kashe babur na durƙusa. Ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa idona na kan takardar, kamar in fizge. Sai da ya ga na kusa fashewa sannan ya ce kiredit ne, na can ƙasa, wanda ba a yi wa guɗa, amma kiredit ne. Ranar Litinin zai kai takardunsa, ajinsa kuma yana nan.

Ya ɗago takardar ya miƙo mini, hannun rigarsa ya zame. Zaren yana nan a wuyan hagunsa, ya koɗe ya zama ruwan toka. Idona ya cika, na yi wuf na kai hannu. Ya janye takardar ya ɓoye ta a bayansa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Da wane hannu?" in ji shi.

Na dubi hannun da na miƙa, hagu ne. Na mayar da shi, na miƙa dama.